Proje ya makara kuma lokacin rapor ya yi, me zan rubuta wa masu ba da kuɗin?

Tambaya: Salamu alaikum yaya. Ƙungiyarmu a nan Damagaram ta samu tallafin miliyan 60 na sefa don haƙa foraj 4 masu aiki da hasken rana a ƙauyuka 4 wajen Mirriah, daga Janairu zuwa Disamba. Ga shi Satumba ta ƙare, ɗaya ne kaɗai ke ba da ruwa, ɗaya an haƙa ana jiran pompo, ɗaya ya fito busasshe, na huɗun ko taɓa shi ba a yi ba, kuma miliyan 39 sun tafi. Rapor na wata uku ya kusa. Shugabanmu ya ce in rubuta aiki na tafiya daidai za mu cike giɓin kafin Disamba, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Hankalinka ya gaya maka gaskiya, kar ka rubuta wannan jimlar. Ba wai don wa'azi kawai nake faɗi ba, lissafi ne ba zai ɗauke ta ba. Wanda ke bin dosiyenku a wajen bayer, wato mai ba da kuɗin, abu na farko da yake yi shi ne ya ajiye rapor na aiki gefe guda, rapor na kuɗi gefe guda, ya kwatanta. Miliyan 39 cikin 60 kashi 65 cikin 100 ke nan, ruwa kuma na zuba a ƙauye 1 cikin 4. In ka ce masa komai lafiya lau, ba kwanciyar hankali ka ba shi ba, tambaya ka ba shi: to ina kuɗin suka shiga? Daga nan maganar ta tashi daga jinkiri ta koma zargi, kuma jinkiri ana gyara shi da takarda guda, zargi kuwa shi ke jawo a tsayar da kashi na gaba na kuɗin a turo muku odit.

Kafin ka rubuta komai, ku kira shi. Kai ko shugaban, wanda dai ya saba magana da shi. A ce masa ranka ya daɗe akwai jinkiri a wuri uku, muna shirya rapor da sabon tsari, muna son ka sani tun yanzu kuma ka faɗa mana hanyar da ake bi wajenku in ana neman ƙarin lokaci. Bayan kiran a bi shi da gajeren imel mai maimaita abin da aka faɗa, saboda maganar waya ko ta wasap ba ta shiga dosiye. Shi ma fa yana da na sama da shi da zai yi wa bayani, abin da ya fi ƙi shi ne ya ji labari a makare ko ya ji shi daga bakin wani, misali daga magajin garin komin ko daga ma'aikatar ruwa.

Sannan ka ɗauko kwantarar da kuka sa wa hannu ka karanta ta layi layi, abu uku kake nema. Kwana nawa kafin ƙarshen proje ya kamata a shigar da buƙatar ƙarin lokaci, nawa za ku iya juyawa daga wani layin buje zuwa wani ba tare da izini ba, da kuma ko akwai kuɗin ko-ta-kwana a ciki. Kowane bayer da nasa. A kwantarorin tallafi na Tarayyar Turai misali, buƙatar gyara ana shigar da ita aƙalla kwana 30 kafin ranar da ake son gyaran ya fara aiki, juyin kuɗi tsakanin manyan layuka in bai wuce kashi 25 cikin 100 na layin ba kana iya yi ka sanar da su a rubuce, kuɗin ko-ta-kwana kuma ba ya wuce kashi 5 cikin 100 kuma ba a taɓa shi sai da izini a rubuce. Naku yana iya bambanta, shi ya sa na ce ka karanta. Amma abu guda kusan ko'ina ɗaya ne, in ranar ƙarshen proje ta wuce ba a sa hannu kan abenan ba, wato takardar gyaran kwantara, duk faktir ɗin aikin da aka yi bayan ranar ana iya ƙin karɓarsa, ku biya daga aljihun ƙungiya. Wannan shi ne ainihin haɗarin maganar shugabanku. In kun yi shiru har Disamba sannan kuka ce ba mu gama ba, ƙofar neman ƙarin lokaci ta riga ta rufe.

Yanzu rapor ɗin kansa. Mummunan labarin ya zo a sakin layi na farko, ba a shafi na 9 bayan hotunan taro ba. Ga yadda ni zan buɗe shi, sai ka mayar da shi Faransanci ko harshen da suke karɓa:

"Zuwa 30 ga Satumba, foraj 1 cikin 4 ya kammala kuma jama'a na shan ruwansa. Sauran 3 sun makara, kuma ba za su kammala kafin 31 ga Disamba ba. An kashe miliyan 39 cikin 60. Muna neman a tsawaita proje zuwa 31 ga Maris, kuma muna gabatar da hanyoyi biyu game da giɓin miliyan 5 da bushewar foraj ɗaya da ƙarin watannin suka haifar. Muna roƙon amsarku kafin 31 ga Oktoba domin mu iya riƙe injin haƙa."

Ka ga a layi biyar ya san inda kuke, ya san me kuke so daga gare shi, ya san ranar da ya kamata ya amsa. Sauran rapor ɗin duka hujja ce ta waɗannan layukan.

Bayan wannan sai halin da kowane ƙauye yake ciki, ɗaya bayan ɗaya, a tablo ko a rubuce. Don Allah ka guji cewa an cim ma kashi 70 cikin 100 na aiki, wannan lambar ba wanda ya san yadda aka samo ta kuma ita ce ke fara sa a yi shakka. Ka faɗi abin da ido zai iya gani. Ƙauye na farko: zurfi mita kaza, ruwa mita kib kaza a awa bisa gwajin pompo, sakamakon labo ya fito ranar kaza, an karɓi aiki ranar kaza, kwamitin kula da ruwa ya fara karɓar kuɗin jarka. Na biyu: an haƙa, an sa bututu, an yi gwaji, pompo da pano suna hanya, mai kayan ya ba da ranar kaza a rubuce. Na uku: an haƙa har mita kaza, an ci karo da dutse ba a samu ruwa ba, an rufe ramin, ga takardar da ma'aikatar ruwa ta departema ta sa wa hannu. Na huɗu: ba a fara ba. Haka kawai, ba a fara ba, kar ka lulluɓe shi da ana kan shirye-shirye.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne wajen dalilai, kuma nan zan ɗan daɗe. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗora wa damina komai. Amma damina kowace shekara tana zuwa, bayer ya san daga Yuli zuwa Satumba ƙorama na yanke hanya kuma injin haƙa ba ya ratsa gonakin hatsi, ai shi ya sa tsarinku na farko tabbas ya sa haƙa a rani. To tambayar da zai yi ita ce me ya hana a haƙa duka huɗun tsakanin Fabrairu da Mayu? Ka zauna da kwantabul ku jera ranaku na gaskiya: ranar da aka sa hannu, ranar da kashin farko na kuɗin ya shigo banki, ranar da kuka fitar da sanarwar neman ɗan kwangila, ranar da kuka zaɓe shi, ranar da injin ya iso ƙauye na farko. A yawancin projen da na duba irin naku, sai ka tarar jinkirin kashi uku ne. Akwai wanda ya fito daga wajen bayer, kamar kuɗi su shigo a makare da wata guda ko fiye. Akwai wanda ya fito daga ku, kamar zaɓen ɗan kwangila da aka tsara wa wata guda ya ci wata uku. Akwai kuma wanda ba na kowa ba ne, kamar busasshen rami. Kowanne ka rubuta shi da ranarsa da adadin satin da ya ci.

Naku ɓangaren ka faɗe shi a jimla ɗaya tsaf, ba tare da dogon ban haƙuri ba: zaɓen ɗan kwangila ya ƙare a Mayu maimakon Fabrairu saboda sanarwar farko ba ta samu isassun masu nema ba sai da aka sake ta, wannan ya sa muka rasa rani a ƙauye na huɗu. In dalilinku wani ne daban ka sa shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranakun nan duk suna cikin takardun da odit zai buɗe. Nasu ɓangaren kuma ka faɗe shi da ladabi amma ka faɗe shi: an sa hannu ranar kaza, kuɗi sun iso ranar kaza. Ba sharhi, ba ƙorafi, ranakun sun isa.

Haka nan in za ka ambaci manyan abubuwan da suka shafi ƙasa, ka haɗa su da aikinka kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka sa wa Nijar takunkumi aka rufe iyakar Benin, kaya da yawa da ke biyowa ta Kwatano sai da suka zagaya ta Lome da Burkina, kuma a daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna har tsohon masallacin Birni a nan Zinder ya rushe, aka ɗage komawa lakol zuwa ƙarshen Oktoba. Rapor da yawa a lokacin sun rubuta halin da ƙasa ke ciki kawai suka wuce. Waɗanda aka ɗauka da muhimmanci su ne waɗanda suka ce mun yi odar kaya ranar kaza, mai kaya ya yi alkawarin sati kaza, ga wasiƙarsa ta canjin rana. In pomponku ya makara ne saboda hanya, ka nemi mai kayan ya rubuto maka ka liƙa a bayan rapor. In kuma ku ne kuka yi odar a makare, kar ka fake da iyaka.

Busasshen foraj kuwa kar ya ba ka kunya. Duk wanda ya san yankinmu ya san ƙasan Zinder da wajen Mirriah da Damagaram Takaya dutse ne, ruwa a tsagogin dutsen yake maƙalewa, shi ya sa ma birnin kansa daga nesa ake jawo masa ruwa, irin su Gogo Machaya da Arungguza. Abin da bayer zai so ya sani shi ne an yi binciken jewofizik, wato auna ƙasa da na'ura don gano inda ruwa yake, kafin a haƙa ko ba a yi ba, wa ya zaɓi wurin, kuma kwantararku da ɗan kwangila me ta ce game da rami maras ruwa, ana biyan mitocin da aka haƙa ne ko shi ke ɗaukar asarar. Ka amsa waɗannan ukun kafin a tambaye ka.

Sai sabon tsari, kuma ƙa'idata a nan ita ce kar ka ɗauki ranar da ɗan kwangila ya faɗa da baki ka sa a rapor. Zai ce maka kafin Disamba in sha Allah an gama, don yana son ya riƙe marshe. Kai ka lissafa daga matakan aikin. Ɗauki ƙauye na uku tunda shi ne mafi tsawo. Sabon binciken wuri a Oktoba, da zama da mai gari da mai gonar da za a haƙa a cikinta a samu takardar ba da fili. Injin zai fara zuwa ƙauye na huɗu a farkon Nuwamba bayan an gama girbi hanya ta bushe, ya dawo na uku a ƙarshen Nuwamba. Haƙa da sa bututu da wanke rami da gwajin pompo, ka ba su sati biyu. Samfurin ruwa ya tafi labo, ka ba shi sati biyu zuwa uku, kuma ba dabara ba ce a zuba kuɗin shato kafin a san ruwan na shayuwa kuma yawansa ya dace da pompon da aka saya. Mun shiga ƙarshen Disamba ke nan. Kankaren gindin shato yana son kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa a ɗora masa nauyin tanki cike da ruwa, Janairu ta tafi. Ɗora shato da pano da jan bututu zuwa famfuna sati biyu zuwa uku, karɓar aiki tare da ma'aikatar ruwa da komin a ƙarshen Fabrairu. Maris ya zama na gyaran abin da aka gani wajen karɓa, da bibiyar kwamiti, da rufe lissafi. Ga inda 31 ga Maris ta fito. Ka duba kalanda kuma ko azumi ko salla sun faɗo cikin watannin, don aikin shantiye yana raguwa. Ƙarin lokaci sau ɗaya ake nemansa cikin mutunci, na biyu yana da wuya, don haka gara ka nemi wata uku ka gama a biyu da rabi da ka nemi wata ɗaya ka dawo.

Yanzu kuɗi, wanda shi ne wurin da ƙungiyoyi da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Ana cewa ƙarin lokaci ba ƙarin kuɗi, amma watannin da aka ƙara suna cin albashi da haya da man mota. Ban ga bujenku ba, bari in ɗauka haka yake, ka sa lambobinka na gaske a wurin nawa: haƙa miliyan 24 wato 6 kowane ƙauye, pompo da pano da shato miliyan 22, horon kwamitoci miliyan 2, albashi da ofis da mota miliyan 1 a wata wato 12. Abin da aka kashe: 12 na ramuka biyu masu ruwa, 3 na busasshen, 14 na kayan sola, 1 na horo, 9 na tafiyar da ofis, jimla 39. Saura 21. Abin da ake buƙata a gama duka huɗun: haƙa biyu 12, cikon kayan sola 8, horo 1, ofis daga Oktoba zuwa Disamba 3, jimla 24. Tun kafin a ƙara ko kwana ɗaya akwai giɓin miliyan 3. Ƙara jika 500 na sabon binciken wuri. Watanni ukun ƙari kuma in kun rage ma'aikata kuka bar mai lura da shantiye da kwantabul na rabin lokaci, a ce jika 500 a wata, miliyan 1 da rabi ke nan. Giɓi ya zama miliyan 5. Ka nuna wa shugabanku wannan lissafin, shi kaɗai ya isa ya gane cewa za mu cike giɓin ba abu ne da ƙoƙari zai iya ba, kuɗin ne babu.

To sai ka ba bayer zaɓi, kar ka ajiye masa matsala kawai. Hanya ta farko, a tsawaita zuwa 31 ga Maris a ƙara miliyan 5, ko a ƙara wani ɓangare ƙungiya da komin su kawo sauran in har da gaske za su iya, ƙauyuka 4 su samu ruwa. Hanya ta biyu, ba ƙarin kuɗi, a bar ƙauye na uku a wannan zagayen, a kammala guda 3. Lissafinta: haƙa ɗaya 6, kayan sola 8, horo 1, ofis 3, jimla 18 cikin 21, ragowar 3 ta ɗauki watan Janairu da ƙauye na huɗu zai buƙata, abin da ya saura kuma da kayan solar da aka riga aka yi wa oda na ƙauye na uku bayer ne zai ce a ajiye, a kai wani wuri ko a mayar. Ka faɗi wadda kuka fi so da dalili. Ni ina ganin ta farko, domin mutanen ƙauye na uku sun ga injin ya zo ya tafi ya bar su da rami, amma ka rubuta ƙarara cewa haƙa na biyun ma yana iya fitowa busasshe, kuma ka faɗi abin da za a yi in hakan ya faru, a tsaya nan a koma hanya ta biyu. Ka kuma gyara adadin masu amfana a kowace hanya, in ƙauye ya fita mutanensa su fita daga lissafi.

Abu biyu da nake roƙonka kar ka bari a matsa maka ka yi. Kar a sa ɗan kwangila ya rubuta faktir na aikin da bai yi ba da ranar Disamba don a ce kuɗin sun fita cikin lokaci, wannan ba jinkiri ba ne kuma, ƙarya ce a takardar kuɗi, kuma sunan wanda ya sa hannu ne ke kai. Kar kuma a ɗauki hoton shaton ƙauye na farko ta wani gefe a ce na biyu ne. Hotunan da za ka liƙa su zama masu rana da wurin da aka ɗauka, har da hoton busasshen ramin da na hanyar da ruwa ya yanke.

A ƙarshen rapor ka yi alkawarin abin da za ka iya riƙewa, gajeren saƙo kowane sati biyu mai layi huɗu, ƙauye ɗaya layi ɗaya, har a gama. Kuma kafin rapor ya tafi ku je ƙauye na uku da na huɗu ku zauna da mai gari da kwamiti ku faɗa musu ranakun nan da kuka rubuta, ku sanar da komin da ma'aikatar ruwa, domin in bayer ya turo mutum ya zagaya ya kamata abin da zai ji a bakin mutanen gari ya zama shi ne abin da ya karanta. Game da shugabanku, kar ka tunkare shi a gaban jama'a, ka same shi shi kaɗai da kwantarar a hannu da lissafin miliyan 5 ɗin, ka nuna masa layin da ya faɗi ranar ƙarshe ta neman abenan, ka roƙe shi ya zama shi ne zai yi kiran cikin satin nan.